Saƙon Larai a Wayar Malam Kolo

A duk Tudun Kanya, can bayan Kunci, babu wanda ya kai Malam Kolo kula da waya, kuma babu wanda ya kai shi rashin mai kira. 'Yar ƙarama ce mai madannai, irin wadda ake wa kirari da rakani-kashi, ya ɗaure ta da roba don kada batir ya faɗo. Idan zai tafi gona sai ya sa ta a leda, ya sa ledar a aljihu, ya dafe aljihun. Hadi Bafulatani, mai shagon caji a bakin masallaci, ba ya ganin sa ya ƙyale shi.

"Babarbare, wai me kake cajawa ne? Wayar da ko kuskure ba a yi a kira ta?"

Malam Kolo sai ya yi dariya ya ce, "Ai gara ni, kai shanunka ma sun gudu sun bar ka da igiyoyin caji."

Dariyar ba ta raka shi gida. Mahaifinsa fataucin kanwa ne ya kawo shi daga Borno, ya ga ƙasa mai kyau ya zauna, don haka Kolo ba shi da dangi a nan sai maƙwabta. Matarsa Amsa ta rasu bayan doguwar jinya. Ɗansu ɗaya tal, Fatihu, ya daɗe da bin Agadas ya haura Libiya neman na kansa. Da can yakan kira duk Sallah, kowane lokaci da wayar aro, lambar uban ce kawai a kansa. To cikin jinyar nan ne aka rufe layin Malam Kolo saboda bai haɗa shi da lambar ɗan ƙasa ba. Wa yake ta layi, mace tana kwance ba ta iya juyawa? Sai da aka yi fiye da shekara sannan ya je wurin mai rajistar layi a kasuwa. Mutumin ya duba na'ura ya ce, "Baba, wannan layin ya tafi, sai dai sabo." Malam Kolo ya ɗauka layi ma mutuwa yake kamar mutum. Ya dangwala yatsa, aka ɗauke shi hoto, aka ba shi sabo. Ke nan har yau Fatihu bai san uwarsa ta rasu ba, kuma babu hanyar da za a gaya masa.

Wata Talata da damina, bayan la'asar, yana zaune a ƙofar ɗaki yana kankare laka daga fartanya, sai wayar ta yi ƙara. Har fartanyar ta faɗo masa a ƙafa bai ji ba. Ya warware leda, ya ce, "Fatihu?"

Muryar mace ce, a natse, ba ta jira amsar sallama ba.

"Sannu, Larai. Wannan saƙo ne daga asibitin Unguwar Marke. Cikinki ya shiga wata na huɗu. Ki riƙa cin ganye kamar zogale da rama, ki sha maganin ƙarin jinin da aka ba ki, ki kwana cikin gidan sauro. Idan kin ji saƙon nan, danna ɗaya. Idan ba ke ce Larai ba, danna tara, ba za mu ƙara kiran wannan lamba ba."

Malam Kolo ya ce, "Baiwar Allah, kin yi kuskure." Muryar ta sake maimaita maganarta daga farko, kalma ba ta canja ba. Nan ya gane na'ura ce. Ya dubi madannan. Ba ya karatun boko, amma ya san lambobi, ya san tara sarai, ga ta can ƙasa a hannun dama. Sai dai maganar nan ta "ba za mu ƙara kira ba" ta tsaya masa a ƙirji. Ya danna ɗaya.

"Mun gode. Allah ya raba lafiya. Sai Talata mai zuwa."

Ya ce, "Amin," da ƙarfi, shi kaɗai a tsakar gida, dattijo mai furfura har a gira.

Daga ranar Talata ta zama ranarsa. Yakan taso daga gona da wuri, ya yi wanka, ya shimfiɗa tabarmar Amsa a gindin zogalen da ta dasa, ya ajiye wayar a kan gwiwa. In ta yi ƙara ba ya ɗauka nan take, sai ya bari ta ɗan yi kuka, don ko kukan ma daɗinsa yake ji. Muryar takan ce ɗan da ke ciki ya fara motsi, ya ce, "Madalla." Ta ce kada Larai ta ɗauki kaya mai nauyi, ya ce, "Ai kuwa, a gaya wa mijin." Wata rana ta yi zancen ƙwai da wake, sai ga shi washegari ya dafa wake ya ci da kansa, yana jin kamar ya sauke wani nauyi. Ya ƙirƙiro wa Larai kama a ransa, doguwa, mai wushirya, mai saurin fushi kamar Amsa tana yarinya. Har lissafin watan haihuwa yake, ya ga zai zo daidai da cirar gyaɗa.

Ba wanda ya sani. Ina zai sa kansa idan Hadi ya ji cewa Babarbare yana da ciki wata shida?

Ba wai bai san abin da yake yi ba ne. Muryar da kanta ta taɓa faɗa masa: "Idan muka kira sau biyu ba ki amsa ba, za mu turo ma'aikaciya har gida ta duba ki." Ya ji wannan da kunnensa. Ya gane cewa duk ɗayan da ya danna, can asibiti ana ɗauka Larai ce ta ji, kuma babu mai taka ƙafa zuwa gidanta. Ranar bai ci tuwo da daɗi ba. Amma ya lallashi kansa. Mata nawa suka haihu ba waya? Amsa ta haifi Fatihu a ɗakin nan, wa ya kira ta? Ai zancen zogale ne da gidan sauro, kowace tsohuwa a gari ta san shi. Ya ce mako mai zuwa zai danna tara. Mako mai zuwan ya zo, babban yatsansa ya hau ɗaya tun kafin muryar ta gama.

Ana nan gero ya fitar da kai, sai kira ya shigo ranar Alhamis da hantsi, yana tsakiyar gona. Ba ranarsu ba ce. Ya tsaya cikin kunya, raɓa ta jiƙa masa wando.

"Larai, wannan saƙo ne na gaggawa daga asibitin Unguwar Marke. Sakamakon gwajin da aka yi miki ya fito. Ki zo ki ga ungozoma yau ko gobe, kada ki jira ranar awo. Idan kin ji, danna ɗaya."

Yatsan ya riga hankalin. Ya danna.

"Mun gode. Muna jiran ki."

Ya yi salati ya dubi wayar kamar ita ce ta cuce shi. Ya bi lambar ya kira, wata murya ta ce wannan lamba ba ta karɓar kira. Ya sake, haka. Tsuntsaye na ta sauka a kan geron maƙwabci, ko kora bai yi ba. Can wani wuri akwai mace da ciki wata bakwai, tana daka ko tana wanki, ba ta san ana neman ta ba. Asibiti kuwa sun zauna suna jira, tunda ta ce ta ji. Kuma shi ne ya ce ta ji. Tsoro ya kama shi, irin wanda rabonsa da shi tun ranar da numfashin Amsa ya canja.

Ya bar fartanyar a gona. A gida ya tsinko zogale ya cika leda, ya ɗauki ƙwan zabi da ya tara a ƙwarya ya naɗe a tsumma, shi kansa bai san dalili ba. Ya je shagon Hadi ya tambayi ina ne Unguwar Marke.

"Ta wajen Makoda ce. Me za ka yi a can, ko aure za ka ƙara?"

"Asibiti za ni."

Hadi ya dubi fuskarsa, ya bar wasa, ya tsayar masa da ɗan acaɓa.

Hanyar ta yi tsawo, rabi kwalta rabi laka, gonaki manne da juna ba tsinkewa, gero da dawa da gyaɗa har bakin ƙofofin mutane. Duk gidan da suka wuce sai ya ce a ransa ko nan ne. Da suka isa, asibitin ɗakuna uku ne da baranda, mata masu ciki sun cika benci. Suka bi shi da kallo, tsoho da ledar zogale. Ya yi sallama ya ce yana neman mai kula da kiran waya. Aka nuna masa wata mata a ɗakin kati, mai farin hijabi da tabarau, ana ce mata Nana Hafsat. Ita ce mai shigar da lambobin mata a na'ura.

"Baba, lafiya? Wa ka kawo?"

"Ban kawo kowa ba, 'yata. Ni ne Larai."

Ta sauke tabarau. Sai da ya ba ta wayar ya yi mata bayani tun daga Talatar farko, bai rage komai ba, har da ɗayan da ya danna ɗazu a gona. Ta karanta lambarsa, ta shigar a na'urar da ke gabanta, fuskarta ta canja. Ta leƙa baranda ta ƙwala wa wata Aishatu kira, ma'aikaciyar sa-kai mai bin gidaje, ta faɗa mata unguwa da sunan maigida a hankali, ta ce ta hau babur yanzu ta taho da matar, ko me take yi ta bari. Sai da ƙarar babur ta yi nisa sannan ta dawo ta zauna.

"Baba, ka san abin da ka yi? Duk makonnin nan da kake dannawa, a na'urar nan sunanta launin kore ne, alamar ta ji. Kore kuwa ba ma bin sa. Waɗanda ba su amsa ba muke bi."

"Na sani."

"Ka sani? To me ya hana ka danna tara?"

Ya dubi ƙasa. Ya so ya ce bai gane ba, ko idonsa ba ya gani, amma tsufa ya wuce masa wannan.

"Ba mai kira na sai ku."

Nana Hafsat ta gyara wasu katuna da ba sa bukatar gyara. Da ta sake magana muryarta ta sauka.

"Laifin ba naka ba ne kai kaɗai. Lambar nan ta mijinta ce, tun cikinta na fari aka rubuta a kati. Da aka kawo mana tsarin kira, daga tsofaffin katuna muka kwashe lambobi, ba mu gwada ko ɗaya ba. Na taɓa tambayar ta ko tana jin saƙo, ta ce wayar tana hannun maigida. Ka ga ita ta ɗauka shi yake ji, mu mun ɗauka ita take ji. Wataƙila ya yar da wayar a wurin ci-rani ya sayi wani layin, shi ke nan."

"To ya aka yi nasa ya zo hannuna? Ni sabo na saya, a kwalinsa."

"Kwalin ne sabo, Baba. Layi idan ya daɗe ba a kira, ba a sa kati, ba a komai da shi, kamfani yakan rufe shi, in an ƙara daɗewa su sayar wa wani. Lambar dai ita ce. Mu kuwa ba mai sanar da mu. Wasu lambobinmu suna Legas, wasu Fatakwal. Su can ba sa jin Hausa, sai su kashe, in sun kashe sau biyu mu aika gida mu gano. Kai da kake ji ne ka ɓatar da mu."

Malam Kolo ya ɗago kai a hankali.

"Ki ce layi ba ya mutuwa?"

"Ba ya mutuwa. Hannu yake canjawa."

Ya koma baranda ya zauna a ƙarshen benci, matan suka matsa masa suna ƙunshe dariya.

Ana kiran azahar babur ya dawo. Matar da ta sauko ba doguwa ba ce, ba ta kuma yi kama da mai fushi ba. 'Yar gajeriya ce cikin shuɗin hijabi, leɓunanta sun yi fari, tana hawa matakala biyu na baranda tana haki. Mijin ya biyo su a kan keke, gumi sharkaf. Ta wuce ta gaban Malam Kolo, gefen hijabinta ya taɓa ledar zogalen, ta ce, "Sannu, Baba," kamar yadda za ta ce wa kowane tsoho. Ya ce, "Yauwa, sannu." Aka shige da ita ɗakin ungozoma aka ja labule.

Ta taga yana jiyo Nana Hafsat da mijin. Ta karɓi sabuwar lambarsa, ta ce ba ta yarda da faɗa da baki ba, ya ajiye wayar a kan tebur. Ta danna na'ura, wayar ta yi ƙara a gabansu, wata murya ta faɗi lambobi huɗu, mijin ya maimaita, ta shigar. Ta tambaye shi ko matar tana da tata, ya ce akwai ta uwarsa da suke gida ɗaya, ita ma aka kira ta aka gwada. Ta ce masa duk ranar da ya canja layi ya zo ya faɗa, kuma daga yau duk awo sai an kira lambar a gaban matar an ji ta yi ƙara. Ba a jima ba aka fito da Larai, aka sa ta a wata mota zuwa babban asibiti.

Nana Hafsat ta fito da wayar Malam Kolo ta miƙa masa.

"Na cire lambarka, Baba."

"Me ya same ta? Za ta tashi?"

"Wannan ba zan faɗa maka ba, sirrinta ne. Abin da zan ce kawai, gara da ka zo yau."

Ya juya wayar a hannu. Ya san amsar, amma ya tambaya.

"Ba za a bar tawa a gefe ba? Ba zan danna komai ba. In ji dai ta sauka lafiya."

"Ba ya yiwuwa. Saƙon nata ne."

Ya gyaɗa kai. Ya ajiye ledar zogale da ƙullin ƙwai a bakin tebur ya ce a ba mijin in ya dawo, kada a ce daga wa. Ya fita neman ɗan acaɓa.

Talata ta zo. Ya taso daga gona da wuri duk da haka, jiki ya saba. Ya yi wanka, ya shimfiɗa tabarma a gindin zogale, ya ɗora wayar a gwiwa. La'asar ta yi sanyi, awakin maƙwabta suka dawo, aka fara daka a gidan Hadi. Wayar ba ta ce uffan ba. Kewa ta dawo ta zauna masa a tsakar gida, ta ma fi ta da nauyi, don yanzu ya san yadda ake jira a samu.

Maganar Nana Hafsat cewa layi hannu yake canjawa tun Alhamis take masa yawo a ka, yana tsoron taɓa ta. Tsohuwar lambarsa tana nan a ransa, ya fi shekara goma yana faɗa wa mutane ita. Ya danna ta ɗaya bayan ɗaya, ya kara a kunne, yana jiran a ce masa babu ita.

Ta shiga.

Wata mata ta ɗauka, ƙarar injin niƙa na tashi a bayanta. "Wa ke magana?"

"Sunana Kolo, daga wajen Kunci. Baiwar Allah, layin nan da nawa ne. Don Allah, ko wani ya taɓa kira yana neman Baba?"

"Au, kai ne Baban? Wani yana damu na da wata doguwar lamba ta ƙasar waje. Ƙaramar Sallah ya kira, Babbar Sallah ya kira, wai in ba Baba, in ba Inna. Na ce masa ni ban san su ba. Na ƙarshen har cewa na yi kada ya ƙara."

Malam Kolo ya dafa ƙasa da hannu ɗaya.

"Kin ajiye lambar?"

"Ina fa. Kowane lokaci daban ce."

"Idan ya sake kira, ki taimake ni ki ba shi wannan. Ki ce masa ubansa yana nan Tudun Kanya."

"To, ga lambarka ta fito, zan ajiye. In ya kira fa. Innar kuma me zan ce masa?"

Ya dubi tabarmar da yake zaune a kai.

"Kada ki ce komai. Ni zan gaya masa."

Ta ce to, ta kashe. Ya daɗe wayar na manne da kunnensa. Sannan ya lissafa a ransa, ya ga Sallah da sauran watanni masu yawa. Ya dubi batir, saura sanda biyu. Ya naɗe tabarma, ya sa takalmi, ya nufi shagon Hadi kafin a kira magariba.